Wasiƙar godiyar da ta tono maganar bajo

Ƙanena tela ne, shagonsa na Fagge, keke biyar ne a ciki har da nasa. Shekara tara yana ɗinki, kuma aiki mafi girma da ya taɓa shigowa hannunsa shi ne ankon biki na mutum 35. Sai ga shi a farkon wani Agusta wata makarantar firamare mai zaman kanta ta sauya kalar kayan ɗalibanta, mai makarantar ta ba shi ɗinkin kaya 400: na maza 180, riga da wando, a kan naira 7,500 kowane, na mata 220, riga da wando da hijabi, a kan naira 9,000. Jimilla naira miliyan 3 da dubu 330, yadi da zare da maɓalli duk a wuyansa. An yi cinikin a ofishinta, baki da baki, ta ga samfur ta ce ya yi, ta ce za a turo masa miliyan 2 kafin alƙalami. Babu takarda ko ɗaya tsakaninsu, ban da ɗan lissafin da ya yi a bayan kwalin maɓalli.

Ni kuwa na yi shekaru ina akawu a sashen saye na wani kamfani, inda irin waɗannan wasiƙu ke zuwa teburina daga masu kawo mana kaya. Shi ya sa a daren da aka yi cinikin ya sallamo gidana bayan isha'i, waya a hannu, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Yaya, duba min wannan kafin in tura wa Hajiya."

Ga abin da ya rubuta, na rage addu'o'in da suka kai layi goma:

"Assalamu alaikum Hajiya, ranki ya daɗe. Wallahi ban san da bakin da zan gode miki ba. Kin taimake ni, kin fitar da ni kunya, ban taɓa samun aiki irin wannan ba tunda nake. Ni ba kowa ba ne amma kika zaɓe ni. In sha Allah duk yadda kike so haka za a yi, kuma duk lokacin da kike so za ki samu. Ko wani abu kike so a ƙara, ki faɗa kawai. Sannan idan akwai na wasanni ko na malamai, don Allah kada a manta da ni."

Da zuciya ɗaya ya rubuta, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma na ce ya ajiye wayar tukuna.

Abu na farko, kuɗin bai shigo ba. A kasuwa kowa ya sani, "na sallama" da "na saya" ba su hana mutum ya kwana ya tashi da wani tunani. Godiya ta baki an riga an yi ta a ofis, ta wadatar a wannan daren. Rubutacciya tana jiran ranar da alat ya shigo, domin a lokacin ne take da abin da za ta tsaya a kai, wato "na ga kuɗi kaza sun shigo yau". Idan ta riga kuɗin, mai karantawa kan ji ta kamar tuni, ko da ba haka aka nufa ba. Kwana biyu ya jira, ranar 4 ga Agusta da la'asar kuɗin suka faɗo. Ya so ya ɗauki hoton alat ɗin ya ɗora a WhatsApp abokai su taya shi murna, na ce a'a, sunan makarantar na jiki, kuma babu mai ciniki da ke son ganin lissafinsa a wayoyin mutane.

Na biyu ya fi cin lokacinmu, har shayin da aka kawo ya huce. Na ce ya zauna a kujerar Hajiya ya karanta saƙon nasa. Mace ce da ta ciro miliyan 2 ta miƙa wa yaron da ba ta taɓa aiki da shi ba, iyayen yara ɗari huɗu suna jiran kaya a hannunta. Abin da ke ranta a daren nan ɗaya ne: anya yaron nan zai iya? Sai saƙo ya shigo yana cewa "ban taɓa samun aiki irin wannan ba" da "ni ba kowa ba ne". Ladabi ne a wurinsa, a wurinta kuwa amsar tambayarta ce, kuma ba amsar da take so ba. Na sha ganin haka a wurin aiki. Mai kawo kaya ya rubuto yana ƙanƙan da kai fiye da kima, washegari shugabanmu ya ce a raba odar biyu a ba wani rabi, don gudun abin da ka je ya zo. Ba cewa na yi ya ɓoye ƙanƙantar shagonsa ba, ai ta je ta gani da idonta. Cewa na yi wasiƙar ta nuna mata ya ƙirga kekunansa da kwanakinsa.

Kalmar "taimako" ma na sa ya cire. Ciniki aka yi: ta ga samfur uku daga teloli uku, nasa ya fi kyan kwala da ƙarfin ɗinkin aljihu, farashinsa bai fi na sauran ba. Idan ka kira wannan taimako, ka mai da kanka mai karɓar alfarma, kuma mai karɓar alfarma ba ya iya buɗe baki ranar da aka ce ya rage naira ɗari biyar a kowace riga. Abin da ya dace a gode masa shi ne amana, domin ita ce ta bayar da gaske.

Sai "duk yadda kike so" da "duk lokacin da kike so". A baki, wannan gaisuwa ce, kowa ya san iyakarta. A rubuce kuwa alƙawari ne, ana iya buɗe waya bayan wata guda a nuna maka. Na tambaye shi kaya nawa shagon ke fitarwa a rana. Ya ce idan an riga an yanka, kuma akwai wuta ko an tada janareto, kowane keke na yin huɗu, ashirin ke nan a wuni. Kaya 400 kwana ashirin na aiki, ban da makon sayen yadi da yanka, ban da guga da maɓalli da ɗaurewa. To ina "duk lokacin da kike so" a nan? Roƙon kayan wasanni da na malamai kuma, na ce ya bari sai an ga na farko a jikin yara. Wanda bai sauke kayan da ke kansa ba, ba ya nuna wasu ya ce a ɗora masa.

Ya ɗan ɓata rai. "Yaya, to in na cire duk wannan me ya rage? Ai sai ta ce ba ni da tarbiyya. Sa'ar Umma ce fa."

Gaskiyarsa ce ta wannan gefen, kuma ban ce a cire girmamawa ko addu'a ba. Wasiƙar Bahaushe zuwa ga babba ba ta farawa da lissafi. Mun bar sallama da gaisuwa a sama, addu'a a ƙasa, amma gajeru. Tsakiyar kuwa muka cika ta da abin da aka yi magana a ofis, kamar yadda shi ya fahimce shi. Ga wadda aka tura ranar 5 ga Agusta da safe:

"Assalamu alaikum Hajiya, ranki ya daɗe. Ina fata an tashi lafiya, ya ɗalibai da malamai?

Na rubuto ne in yi godiya bisa amanar da kika ba ni ta ɗinkin kayan makaranta na bana. Na san kin duba aikin wasu kafin ki tsayar da ni, kuma gyaran da kika yi min a kan tsawon hijabi na rubuta shi, da shi za a yanka.

Jiya na ga naira miliyan 2 sun shigo, na gode. Ga abin da na riƙe daga zamanmu, idan na yi kuskure a gyara min kafin in shiga Kantin Kwari ranar Asabar:

Na maza 180, riga da wando, naira 7,500 kowane. Na mata 220, riga da wando da hijabi, naira 9,000 kowane. Jimilla naira 3,330,000, saura naira 1,330,000 bayan an kammala. Yadi da kala irin na samfurin da ke ofishinki, zan sayi yadin gaba ɗaya lokaci guda don kada kala ta bambanta. Girma huɗu ne, kamar yadda ke cikin jerin da malam ya ba ni. Bajo daga makaranta zai zo, mu ɗinka shi a aljihu ba tare da ƙarin kuɗi ba. Zan kawo kaya duka ranar 12 ga Satumba in Allah ya yarda, kuma duk ranar Alhamis zan sanar da ke inda aka kai.

Allah ya ƙara wa makaranta albarka, ya ba mu ikon cika alƙawari. Na gode, ranki ya daɗe."

Layin tsawon hijabin nan ni na matsa a sa. Godiyar da za a iya tura wa kowa ba ta kama zuciyar kowa. Abu ɗaya da mutumin ya faɗa da bakinsa, ka dawo masa da shi, ya fi "ban san da bakin da zan gode miki ba" sau goma, domin ya nuna kana saurare lokacin da yake magana.

Mun yi ta da Hausa duk da cewa takardun makarantar da Turanci ake yinsu, saboda da Hausa aka yi cinikin, kuma da ita ƙanena zai iya kare kowace kalma idan aka tambaye shi. Ya so ya yi saƙon murya, na hana. Murya ta fi daɗin ji, amma ba a nemo lamba a cikinta, kuma akawun makaranta ba zai sa ta a fayil ba. Aka tura ta WhatsApp don ta isa da wuri, sannan aka buga kwafi biyu a shagon masu kwamfuta, ya liƙa rasit ɗin miliyan 2 a jikin ɗaya, ya kai da ƙafarsa bayan azahar. Zuwa da ƙafa a wurinmu shi ne godiyar, takarda rakiya ce.

Kafin ya isa ma ta riga ta karanta. Ya ce da ya shiga ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa, ta sa tabarau, ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya.

"Ɗana, wane bajo ne zai zo daga makaranta? Ai samfurin da ka kawo min da bajo a jiki."

Haka ne, da bajo a jiki. Wani malamin makarantar, wanda ya haɗa ƙanena da Hajiya, shi ne ya ciro shi daga tsohuwar riga ya ba shi, shi kuma ya ɗinka don samfur ya yi kyau. A tunaninsa makaranta na da nata a ajiye, kamar yadda wasu ke yi. A tunaninta farashin ya haɗa da duk abin da idonta ya gani. Ba wanda ya yaudari wani, kowa ya bar ofis ɗin da tasa fahimtar. Kuma ba aljihun riga kaɗai take nufi ba, har gaban hijabi tana so a sa. Bajo 400 na riguna da 220 na hijabai, 620 ke nan. Masu yin sa da inji sun ce naira 300 kowane, naira 186,000 gaba ɗaya. Ribar da ƙanena ya lissafa wa kansa a duk aikin ba ta wuce naira dubu 500 ba. Da maganar ta kwanta har ranar kai kaya, ko dai ya haɗiye asarar fiye da kashi ɗaya cikin uku na ribarsa, ko ya tsaya jayayya da Hajiya a gaban buhunan riguna marasa bajo, kwana uku kafin a koma makaranta. A ranar 5 ga Agusta kuwa, almakashi bai taɓa yadi ba, ran kowa a kwance. Suka yi magana ta minti goma. Ta ɗauki kuɗin na hijabai, naira 66,000, tunda samfurin hijabin babu bajo. Na riguna, naira 120,000, suka raba biyu. Ya yi asarar dubu sittin, ya kuma koyi kada ya sake liƙa wa samfur abin da ba ya cikin farashi.

Ba su gama da wannan ba ta gangara layin ƙasa.

"Sha biyu ga Satumba kuma? Na ce maka kafin a koma."

Ranar 15 za a koma, don haka a wurinsa 12 ma ya yi saurin kwana uku. Abin da bai sani ba, iyaye kan fara zuwa biyan kuɗin zango mako biyu kafin komawa, kuma a teburin da suke biya a nan suke karɓar kaya. "Kafin a koma" a bakinta 1 ga Satumba ce. Da saƙon farko aka tura, mai "duk lokacin da kike so", da ba shi da ta cewa. Yanzu kuwa ya ciro lissafinsa ya nuna mata: ɗinki zai fara ranar 12 ga Agusta, zuwa 1 ga Satumba kwanakin aiki goma sha bakwai ne, ba za su fitar da 400 gogaggu da bajo da maɓalli ba, sai dai ya raba wa wasu shaguna, kuma hannu zai bambanta. Ita ta kawo mafita, don ta fi shi sanin makarantarta: sababbin ɗalibai ne ba su da abin sawa, tsofaffi za su iya shiga makon farko da tsohuwar kala. Aka tsayar da 150 na sababbin shiga da ƙananan azuzuwa ranar 1, sauran 250 ranar 12.

Ya gyara layukan biyu da biro a kan takardar, ta sa hannu a gefe, ya ɗauki hoto. Da dare ya sake tura gyararren saƙon, ta amsa da "Haka ne, Allah ya taimaka." Amsar nan tata ita ce ta ba wasiƙar nauyi. Wasiƙar godiya ba yarjejeniya ba ce, bayanin mutum ɗaya ne na abin da ya ji. Sai ɗayan ya ce haka ne sannan ta zama abin da za a koma a duba. Idan shiru ya biyo baya, a kira a tambaya cikin ladabi ko an gani, kada a ɗauki shiru a matsayin yarda. Kuma da aikin na hukuma ne ko na kamfani mai ba da takardar oda, wasiƙar za ta ambaci lambar takardar ne kawai da kwanan watanta, ba za ta sake jero sharuɗɗa da wasu kalmomi ba, don kada a samu rubutu biyu masu saɓani.

Akwai maganar malamin da ya haɗa su. Ƙanena ya so ya sa sunansa a wasiƙar, "godiya ta musamman ga malam wane da ya tsaya min". Na ce kul. Ma'aikaci ne a ƙarƙashinta, ka rubuta cewa ya tsaya maka, ka jefa shi bakin tambaya: tsayawa ta me, a kan nawa? Alhali bawan Allah cewa kawai ya yi ya san wani tela mai kyan hannu. Aka je gidansa daban aka yi masa godiya ta baki. Ambulan ɗin da ƙanena ya shirya masa kuma na ce ya mayar aljihu. La'ada a Kwari hakkin dillali ce, kowa ya san da ita. Kuɗi a hannun ma'aikacin mai sayen kayanka tun aiki bai fara ba, sunansu daban. Bayan an gama komai ya ɗinka masa kaftani, ya fara gaya wa Hajiya, ta ce babu laifi.

Yanzu sai laifina. A rubutun farko na gyararriyar wasiƙar, ƙanena ya sa "za a biya sauran ranar da na kawo kaya". Ni na goge, na mai da shi "bayan an kammala". Gani na yi ba ya kyautuwa a gode wa babba kuma a yanka masa ranar biya a takarda ɗaya. Na tsare lambar riga, na tsare ranar kai kaya, na bar ranar kuɗi a buɗe, wato na ɗaure ƙanena na saki makaranta. Ya kai 150 ranar 1, ya kai 250 ranar 11, kwana ɗaya kafin wa'adi. Cikon naira miliyan 1 da dubu 330 kuwa sai ya riƙa zuwa gutsi-gutsi, dubu ɗari uku yau, dubu ɗari biyu bayan kwana goma, gwargwadon yadda iyaye ke biya. Hajiya ba ta karya alƙawari ba, "bayan an kammala" ba shi da ƙarshe. Amma telolinsa huɗu kuɗin hannu suke jira, mai man janareto na jira, ga wanda ya ba shi bashin zare da roba. Sai da ya ranci dubu ɗari biyu a wurina, na bayar ban ce komai ba, don na san daga inda ramin ya fito. Mako bakwai aka yi kafin kuɗin su cika.

Akwai yadda ake faɗar ranar biya ba tare da an ci fuskar kowa ba, da na tsaya na nema. A mai da ita tambaya, a kuma faɗi dalili: "Game da ciko, ko zai yiwu a ba da rabi ranar kashi na farko, rabi cikin mako guda bayan na biyu, saboda in sallami yaran shago? Idan akwai tsarin da ya fi wa makaranta sauƙi, a sanar da ni in shirya." Da an rubuta haka, ko da ta ce sai iyaye sun biya, ya san da wuri, ya ja wa telolinsa kunne, ko ya nemi a ƙara kafin alƙalami.

Ranar da cikon ƙarshe ya shigo bai zo wurina ba. Da kansa ya rubuta mata layi huɗu: ya ga kuɗi sun cika, ya gode, ya ajiye yadi goma sha biyar na kalar don gyara ko ɗalibin da ya shigo a makare, kuma duk rigar da ɗinkinta ya farke a zangon nan a aiko ya gyara kyauta. Daga baya ya nuna min, na ga bai roƙi na wasanni ba. A Janairu ita ta kira shi a kansu, guda 260. Da ya zo da wasiƙar wannan karon in duba, na tarar ranar biya na layi na uku, sama da ranar kai kaya, kuma ya ja mata layi a ƙasa da jan biro. Na ce ya bar ranar, ya sake bugawa ba jan layin.